Zamba 492 Cikin Ciniki 284,807: Abin da Layin ROC Yake Faɗa, da Abin da Yake Yin Shiru a Kansa

A cikin watan Satumba na shekarar 2013, an tattara bayanan cinikin da wasu mutanen ƙasashen Turai suka yi da katin banki a tsawon kwana biyu, aka sami ciniki 284,807, waɗanda bayan bincike aka tabbatar 492 daga cikinsu na zamba ne, watau ba masu katin ne suka yi su ba. Masu bincike na jami'ar ULB da ke birnin Brussels, tare da kamfanin Worldline, su ne suka fitar da wannan kundi ga jama'a bayan sun ɓoye sirrin masu katin, kuma tun daga lokacin ya zama abin da ɗalibai da ma'abota wannan fanni suke gwada ƙwarewarsu a kansa. Abin da ya sa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne ƙarancin abin da ake nema a cikinsa, domin zamba 492 a cikin wannan adadi ba ta kai kashi 1 cikin 500 ba, kuma duk inda abin da ake farauta ya zama nadiri haka, ma'aunan da aka saba dogara da su sukan ba da amsar da take daidai a lissafi, alhali ba ita ce amsar tambayar da mai aiki yake da ita a zuciya ba.

Misali mafi sauƙi shi ne na manhajar da ba ta duba komai, sai dai duk cinikin da aka kawo mata ta ce na halal ne. Wannan za ta dace a ciniki 284,315, ta yi kuskure a 492 kaɗai, dacewarta ta haura kashi 99.8 cikin 100, ga shi kuwa ba ta kama ko ɓarawo ɗaya ba. Kowa ya yarda wannan ma'auni ba shi da fa'ida a nan, ba kuma sai an tsawaita magana a kansa ba. Mas'alar da take da wuya ita ce ta ma'aunin da ake gudu zuwa gare shi bayan an bar wancan, watau layin ROC da faɗin filin da ke ƙarƙashinsa.

Kafin a fahimci wannan layi, wajibi ne a san cewa manhajar tantancewa ba hukunci take yankewa da farko ba. Maki take bai wa kowane ciniki, galibi tsakanin 0 da 1, gwargwadon yadda ta ga ya yi kama da zamba. Mutum ne yake zuwa daga baya ya kafa haddi, ya ce duk cinikin da makinsa ya kai kaza a tsayar da shi a bincika, wanda bai kai ba a bar shi ya wuce. Da zarar an kafa haddin nan, kowane ciniki ya faɗa ɗayan gida huɗu: zambar da aka kama, zambar da ta kuɓuce, cinikin halal da aka tuhuma bisa kuskure, da cinikin halal da aka bari ya wuce lafiya. A allon kwamfuta ana rubuta waɗannan da TP, FN, FP da TN bi da bi. Idan aka sassauto da haddin ƙasa, za a kama zamba da yawa, amma za a haɗa da bayin Allah masu yawa da ba su ji ba ba su gani ba. Idan aka ɗaga shi, tuhumar ƙarya za ta ragu, ɓarayi kuwa su sami ƙofa. Kamar taru ne a hannun masunci, wanda in idanunsa suka yi ƙanana ya kwaso kifi da ciyawa, in suka yi faɗi ya bar ciyawar ya kuma bar rabin kifin.

Daga gidajen nan huɗu ake fitar da rabo biyu da ake zana ROC da su. Na farko shi ne rabon kamu: a cikin dukkan zambar da take akwai, nawa aka kama? Na biyu shi ne rabon tuhumar ƙarya: a cikin dukkan cinikin halal, nawa aka tsayar bisa kuskure?

```
TPR = TP / (TP + FN)
FPR = FP / (FP + TN)
```

Ana ɗora rabon tuhumar ƙarya a gefen kwance na zanen, daga 0 a hagu zuwa 1 a dama, rabon kamu kuwa a gefen tsaye, daga 0 a ƙasa zuwa 1 a sama. Sai a fara da haddi mafi tsanani, wanda ba ya tsayar da kowa, wannan shi ne ɗigon kusurwar ƙasa ta hagu. A riƙa sassautawa sannu a hankali ana sa ɗigo a kowane mataki, har a kai ga haddin da yake tsayar da kowa da kowa, wanda shi ne kusurwar sama ta dama. Hanya mafi sauƙi ta ganin yadda layin yake tafiya ita ce a jera cinikin duka daga mai maki mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, a bi su ɗaya bayan ɗaya: duk lokacin da aka ci karo da zamba layin ya taka sama, duk lokacin da aka ci karo da halal ya taka dama. Saboda haka manhajar da ta iya aikinta layinta yakan miƙe sama tun daga farko, ya kusanci kusurwar sama ta hagu kafin ya karkata, wadda kuwa take ba da maki da ka, ba bisa wani dalili ba, layinta yakan ratsa tsakiyar zanen daga kusurwa zuwa kusurwa.

Asalin wannan zane yana komawa ga aikin rada a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda mai tsaron na'ura yake fama da bambance alamar jirgin abokan gaba da hayaniyar banza. Peterson da Birdsall da Fox na Jami'ar Michigan suka shimfiɗa ƙa'idojinsa na lissafi a 1954, Green da Swets suka kai shi ga ilmin halayyar ɗan Adam a littafinsu na 1966, daga nan ya shiga hannun likitoci masu karanta hoton ciki, ya zauna daram.

Shi kuwa faɗin filin da ke ƙarƙashin layin, wanda ake rubutawa AUC, yana da ma'ana mai kyau wadda mutane da yawa suke ambaton adadinsa ba tare da sun san ta ba. Hanley da McNeil sun bayyana ta ga likitoci a mujallar Radiology a 1982: idan aka ɗauko zamba ɗaya da ka, aka ɗauko cinikin halal ɗaya da ka, AUC shi ne yiwuwar manhajar ta bai wa zambar maki fiye da na halal ɗin. Ana iya gwada wannan da hannu. A ƙaddara akwai zamba biyu masu maki 0.9 da 0.5, da halal uku masu maki 0.7 da 0.3 da 0.1. Idan aka haɗa kowace zamba da kowane halal za a sami gami shida. Mai 0.9 ta rinjayi dukkan ukun, mai 0.5 ta rinjayi biyu, mai 0.7 ya fi ta. Ke nan biyar cikin shida, AUC ya zama 0.83. Manhajar da take canka kawai tana samun 0.5, wadda ba ta kuskure ko kaɗan tana samun 1, in kuwa aka ga adadin ya faɗi ƙasa da 0.5 sosai, to galibi an juya alamomin ne, aka ɗauki halal a matsayin zamba. Abin lura a nan shi ne AUC jeri yake aunawa, watau wa ya gabaci wa, kuma babu inda ya ce kashi 83 cikin 100 na hukuncin manhajar daidai ne, ko da yake ana yawan jin mutane suna fassara shi haka.

To, a duba rabon nan biyu da kyau, domin a nan ne asirin al'amarin yake. Rabon kamu ana lissafa shi a cikin zamba kaɗai, rabon tuhumar ƙarya kuwa a cikin halal kaɗai. Babu ɗayansu da yake haɗa ɓangarorin biyu a ƙasan lissafi ɗaya. Natijar wannan ita ce, ko an ninka cinikin halal sau dubu, muddin dai irin makin da suke samu bai canza ba, layin ROC ba zai motsa ba. Wannan siffa alheri ce babba ga likitan da yake son ya san ƙarfin wani gwajin jini a kan kansa, ko za a yi amfani da shi a garin da cutar ta yi yawa ko a inda ta yi ƙaranci. Amma ita ce kuma take sa zanen ya yi shiru a kan nauyin da zai hau kan wanda zai zauna ya binciki kowace tuhuma.

Bari mu ƙaddara wata manhaja a kan kundin Brussels, mu ce a wani haddi tana kama kashi 90 cikin 100 na zamba, tana tuhumar kashi 1 cikin 100 na halal. A zanen ROC wannan ɗigo yana dab da kusurwar sama ta hagu, kuma duk wanda ya gan shi zai ce madalla. Amma kashi 90 cikin 100 na 492 shi ne 443, kashi 1 cikin 100 na 284,315 kuwa shi ne 2,843. Jimlar abin da za a ajiye a gaban ma'aikatan bincike ita ce ciniki 3,286, waɗanda 443 kaɗai ne na zamba, watau kimanin kashi 13.5 cikin 100. A kowane mutum bakwai da aka tsayar wa kati, shida ba su da laifin komai, wataƙila wani yana tsaye a gaban mai kanti da kayansa a hannu, wata tana neman biyan kuɗin magani. Kashi 1 cikin 100 ɗan taƙi ne a kan takarda, da ƙyar ido yake bambance shi da gefen zanen, alhali a cikin wannan ɗan taƙin ne dukkan aikin banki yake gudana, sauran kashi 99 na faɗin zanen kuwa haddodi ne da babu mai hankalin da zai kafa su, ga shi AUC yana lissafa su duka da daraja ɗaya.

Adadin nan na 13.5 shi ne rabo na uku, wanda za mu kira gaskiyar tuhuma: a cikin waɗanda aka tsayar, nawa ne zamba a haƙiƙa? A allo sunansa `precision`, kuma rabon kamu da muka riga muka sani shi ne ake kira `recall` idan an zo wannan babi, sunaye biyu da suka yi ƙarfi a fannin neman takardu a ɗakunan karatu, musamman a gwaje-gwajen Cranfield da Cyril Cleverdon ya jagoranta a Ingila a shekarun 1960.

```
precision = TP / (TP + FP)
```

Bambancinsa da rabon tuhumar ƙarya a ƙasan lissafin yake. Tuhumar ƙarya 2,843 ɗin nan, idan aka raba ta da halal 284,315 sai ta narke ta zama ba komai ba, idan kuwa aka ajiye ta kusa da zamba 443 da aka kama sai girmanta ya bayyana. Zanen PR yana ɗora rabon kamu a kwance, gaskiyar tuhuma a tsaye, kusurwar da ake buri a nan ita ce ta sama ta dama, inda aka kama kowa ba a kuma zalunci kowa ba. Layin yakan fara daga sama a hagu, ya riƙa gangarowa yayin da ake neman ƙarin kamu, kuma ba ya tafiya sumul kamar na ROC, yakan yi haƙora kamar na zarto, domin kowace zamba da aka ci karo da ita tana ɗan ɗaga shi, kowane halal yana sauke shi. Mai karatu ya nemi wurin da layin ya fara faɗuwa da gaske, domin nan ne manhajar ta ƙare zambar da take ganewa da sauƙi, ta shiga lalube. In muka ɗaga haddin manhajar da muka ƙaddara har tuhumar ƙarya ta koma 1 cikin 1,000, kamu ya sauka zuwa kashi 80 cikin 100, za a sami zamba 394 da halal 284, gaskiyar tuhuma ta hau zuwa kashi 58 cikin 100. A zanen ROC ɗigon ya ɗan gusa ne kawai, a zanen PR kuwa ya yi tsalle daga ƙasa zuwa sama da tsakiya.

Sharaɗin farko na karanta wannan zane shi ne sanin ƙasansa. A ROC mai canka yana samun 0.5 a kowane kundi, amma a PR abin da mai canka yake samu shi ne yawan abin da ake nema a cikin jimla, wanda a kundinmu 0.0017 ne. Saboda haka filin PR na 0.4 a nan ya ninka canka fiye da sau 200, alhali a kundin da zamba da halal suke rabi da rabi 0.4 ɗin ya gaza canka. Daga wannan ne wata ɓarna take fitowa wadda ta yawaita a rahotannin ɗalibai. Mutum yakan ga halal ya yi yawa, sai ya zubar da galibinsa ya bar 492 daidai da zamba, wanda dabara ce da ake iya karɓa wajen horar da manhaja, sa'an nan ya manta ya yi gwajin ma a kan wannan ragaggen kundi. Da kamu na kashi 90 da tuhumar ƙarya ta kashi 1, zai sami zamba 443 da halal 5 kacal, gaskiyar tuhuma ta kai kusan kashi 99 cikin 100, ita kuwa manhajar ita ce dai wadda take ba da 13.5 a duniyar gaske. Alamar da ake gane wannan da ita ita ce a tambayi mai rahoton yawan zamba a kundin gwajinsa, ko a duba inda layin PR ya ƙare a gefen dama, domin a can tsayinsa daidai yake da wannan rabo.

Domin a ga yadda ma'aunan biyu suke iya saɓa wa juna a kan zaɓi, ga manhaja biyu da muka ƙirƙira domin misali. Ta farko ta jera zamba 400 a can sama, babu halal ko ɗaya a tsakaninsu, amma sauran 92 sun ɓace mata, ta ajiye su a tsakiyar jeri inda rabin halal yake samansu. AUC nata shi ne 400 cikakku da rabin 92 a raba da 492, watau kimanin 0.91. Ta biyu ta ɗora halal 5,686 a sama, kashi 2 cikin 100 ke nan na halal, sa'an nan dukkan zamba 492 suka biyo baya a jere. AUC nata 0.98. Wanda ya dubi wannan adadi kaɗai zai ɗauki ta biyu ba tare da waiwaye ba. Amma a ce bankin yana da ma'aikatan da za su iya bincikar tuhuma 500 a kwana biyun nan: ta farko za ta ba su zamba 400 a cikin 500, ta biyu kuwa za su ƙare 500 ɗin, su ƙara 5,000 a kai, ba su ga zamba ko ɗaya ba. Filin PR ya nuna wannan sarai, domin na ta farko ya kai kimanin 0.81, na ta biyu kuwa kimanin 0.04 ne kacal.

Duk da haka ban yarda da masu cewa ROC maƙaryaci ne a kan irin wannan kundi ba, kuma misalin nan da kansa hujja ce a kansu. Wanda ya ɗauki manhaja ta biyu zai kama dukkan 492 da tuhuma 6,178, wanda ya ɗauki ta farko kuwa ba zai kai ga 92 na ƙarshe ba sai ya binciki fiye da ciniki 142,000. Da a ce ba zamba ake nema ba, cuta ce mai kisa, gwajin tabbatarwa kuma mai araha ne, lalle ta biyu ce abin zaɓi, kuma AUC ya faɗi gaskiya a kanta. Layukan ROC na manhajojin biyu sun gitta juna, ta farko tana sama a farkon zanen, ta biyu tana sama daga baya, kuma duk inda layuka suka gitta, adadi ɗaya tilo, na ROC ne ko na PR, ba zai iya yanke hukunci ba sai an san a wane yanki za a yi aiki, da hasarar da ke cikin kuɓucewar zamba ɗaya idan aka gwada ta da ta tsayar da mutumin kirki ɗaya. Davis da Goadrich na Jami'ar Wisconsin sun tabbatar a 2006 cewa, a kan kundi ɗaya, layin da ya rinjayi wani a ko'ina a zanen ROC shi ne yake rinjayarsa a ko'ina a zanen PR, haka kuma akasin haka. Ke nan saɓanin ba ya tasowa sai inda aka gitta, ko inda aka taƙaita layi duka zuwa adadi guda. Saito da Rehmsmeier sun nuna a mujallar PLOS ONE a 2015 cewa zanen PR ya fi bayyana halin manhaja ga ido idan abin nema ya yi ƙaranci, kuma masu kundin Brussels da kansu filin PR suka ba da shawara a auna da shi. Ra'ayina shi ne a zana duka biyun, a faɗaɗa gefen hagu na ROC daga 0 zuwa 0.01 domin a ga abin da ke ciki, a kuma rubuta yawan zamba a ƙarƙashin kowane zanen PR.

Ga mai aiki da scikit-learn, lissafin bai wuce layuka kaɗan ba:

```python
from sklearn.metrics import roc_auc_score, average_precision_score
s = model.predict_proba(X_test)[:, 1]
roc_auc_score(y_test, s)
average_precision_score(y_test, s)
```

Maki ake bai wa waɗannan, ba hukuncin 0 da 1 da `predict` yake fitarwa ba. Wanda ya ba da hukunci zai ga layin ROC nasa ya zama sanda biyu da gwiwa ɗaya, domin haddi ɗaya tak ya rage a ciki. Haka kuma ba a haɗa ɗigogin PR da miƙaƙƙen layi a auna filin ƙarƙashinsa kamar yadda ya halatta a ROC, domin Davis da Goadrich sun nuna gaskiyar tuhuma ba ta tafiya a miƙe tsakanin ɗigo biyu, kuma yin haka yakan kumbura sakamako, musamman inda ɗigogin suka yi nisa da juna. Shi ya sa `average_precision_score` ba ya bin wannan hanya, sai ya ɗauki gaskiyar tuhuma a kowane haddi ya auna ta da gwargwadon ƙarin kamun da aka samu a wurin.

Saura ƙarancin shaidu. Idan aka ware kashi 20 cikin 100 na kundin domin gwaji, kamar yadda aka saba, zambar da za ta faɗa ciki ba za ta wuce kimanin 98 ba, kowace ɗaya tana ɗauke da kusan kashi 1 cikin 100 na rabon kamu, kuma halal biyu ko uku da suka hau saman jeri sun isa su girgiza farkon layin PR. Don haka wanda ya ga manhaja ɗaya ta sami 0.80 wata ta sami 0.82, kada ya yi gaggawar fifita ta biyu sai ya sake raba kundin sau da yawa, yana kiyaye rabon zamba a kowane kaso, ya ga ko tazarar tana nan ko kuwa tana juyawa daga rabo zuwa rabo.